Me ya sa lokeshan ɗin shagona ke kai mutane bayan layi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a nan Katsina. Shagona yana ƙasan wani bene a kasuwa, akwai wani benen a gabansa, an kuma yi rumfar kwano a bakin ƙofa. In na tura lokeshan ta WhatsApp sai ɗan acaba ya kira ni daga bayan layi, wani lokaci ma layi biyu. A gida abin ya fi muni, ina zaune a ɗaki cikin gari amma ta nuna ni can wajen Ƙofar Ƙaura. Wayar ce ta tsufa in canza, ko matsalar sabis ce?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi gaggawar fitar da kuɗin sabuwar waya tukuna. Ni aikina awon filaye ne, kuma na'urar da nake yawo da ita ta ninka kuɗin wayarki sau da yawa, amma in na kafa ta a bakin shagonki ƙarƙashin rumfar nan, ita ma rikicewa za ta yi. Matsalar shago daban, ta ɗaki daban, ko da yake uwarsu ɗaya: wayar ba ta ganin sararin sama yadda ya kamata.

Bari in fara da yadda wayar ke gane inda take, don in kin riƙe wannan sauran duk zai zo da sauƙi. Taurarin ɗan'adam na GPS suna yawo a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne na zagaya duniya sau biyu a rana. Ba sa ganin ki, ba su ma san da ke ba. Aikinsu ɗaya ne, kowanne yana ta shela ba dare ba rana: ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa a agogona. Wayarki saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. In shelar ta iso sai ta duba tsawon lokacin da ta ɗauka a hanya, ta mayar da lokacin nisa. Idan ta samu nisanta daga taurari huɗu ko fiye, lissafi zai ba ta wuri ɗaya tak da ya dace da duka. Na huɗun yana da muhimmanci saboda agogon waya ba abin dogaro ba ne, da shi ake gyara kuskuren agogon.

To a nan gizo ke saƙar. Siginar tana tafiya da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Ke nan in wayar ta yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, ta yi kuskuren mita 300 a ƙasa. Abu na biyu, kafin siginar ta ƙaraso daga wannan nisa ta galabaita matuƙa, ta fi hayaniyar lantarkin cikin wayar kanta rauni, da dabara ake tsamo ta. Siginar ƙarfen sabis tana ratsa bango ta same ki a uwar ɗaka saboda ƙarfen yana nan kusa. Ta tauraro ba ta da wannan ƙarfin. Shi ya sa za ki ga sabis a cike, kira na shiga lafiya lau, amma lokeshan na yawo. Hanyoyinsu ba ɗaya ba ne.

A fili, kamar filin Idi ko gona, waya mai lafiya takan ba da wuri da kuskuren da bai wuce mita 5 ba. Wannan shi ne iyakar ƙoƙarinta a rana mai kyau, duk abin da zan faɗa daga nan a kansa yake ƙaruwa.

Mutane da yawa in sun ji ana cewa dogayen gine-gine na ɓata GPS sai su ce ai wannan zancen Legas ne ko Abuja, mu ina muka ga dogon gini. Ba tsawon ginin ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne, daga inda kike tsaye, yaya girman sararin saman da idonki ke gani. Hasumiyar Gobarau tana da tsawon kusan mita 15, amma ita kaɗai ce a tsaye, in kin ja baya kaɗan ɗan yanki kawai take tare miki. Yanzu ki ɗauki lungun cikin gari mai faɗin mita 3, katanga hagu da dama mai tsawon mita 4. Kina tsakiya, waya a hannu daidai ƙirji. In muka ce gefen ƙasa sifiri ne, saitin kai kuma digiri 90, to ta hagu da ta dama ba ki ganin komai sai abin da ya haura digiri 62. Mutumin da ke tsaye a tsakiyar titi mai faɗin mita 30, da bene hawa goma a kowane gefe, shi ma kusan digiri 62 ɗin ne aka tare masa. A wajen waya, lungun bayan gidanku da titin manyan bankuna a Legas duk ɗaya ne.

Wannan matsewar tana yin ɓarna iri biyu. Ta farko a fili take, taurarin da wayar ke ji sun ragu. Ta biyun ba a cika lura da ita ba, kuma ta fi ciwo: waɗanda suka rage duk sun jeru a layi ɗaya, a ɗan siririn saman da ke bin tsawon lungun. Ki kwatanta da akuyar da aka ɗaure da igiya huɗu. In turakun suna gabas, yamma, kudu da arewa, ba ta da inda za ta motsa. In kuwa duka turakun a gabas da yamma suke, za ta iya kaɗawa kudu da arewa son ranta. Haka lissafin wayar yake. Ta tsawon layin kasuwa kuskurenta da sauƙi, amma ta faɗin layin ba ta da abin da zai riƙe ta. Shi ya sa ɗan acabanki bai cika wuce shagon ya yi gaba ba, bayan layi yake ɓullowa. Da na karanta wannan a tambayarki na san inda aka dosa.

Yanzu mu zo bakin shagon naki. Ban auna shi ba, don haka bari in ɗauki awon da ya yi kama da irin layukan nan: faɗin layi mita 8, benenku da na gabanku kowanne tsawon mita 10. Kina tsaye a bakin ƙofa, bayanki a jikin gininku. Rabin sama, duk wanda ke bayanki, ya tafi gaba ɗaya. Ta gaba kuma benen maƙwabta ya tare har zuwa kusan digiri 48. Abin da ya rage a samanki, rumfar kwano ta rufe shi. Da a ce wayar za ta daina jin komai ta ce ban sani ba, da abin ya zo da sauƙi. Amma tana ji, sai dai ba ta hanyar da take zato ba.

Ki ɗauka akwai tauraro a bayan gininku, ya ɗago digiri 30. Kai tsaye ba zai same ki ba, gini ya tare. Siginarsa za ta wuce ta kan rufinku, ta gangaro ta bugi bangon benen da ke gabanki a tsawon mita 5 da ɗan wani abu, ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta shigo ta ƙarƙashin rumfa ta same ki daidai hannu. Siminti yana mayar da sigina, gilashi ma haka, ƙofofin ƙarfe na shaguna kuwa sun fi kowa. Wannan zagayen ya ƙara mata tafiyar kusan mita 14. Wayar ba ta san an yi zagaye ba. Ita a ganinta siginar miƙe ta zo, don haka sai ta rubuta cewa nisanta da wannan tauraro ya fi na gaskiya da mita 14.

Ki tuna madubi. In kin tsaya taku biyu daga madubi, hotonki yana taku biyu a cikinsa, kamar a bayan bango. Bangon maƙwabcinki madubi ne ga sigina. Kina mita 8 a gabansa, sai siginar da ta bugo shi ta nuna kamar kina mita 8 a bayansa, wato mita 16 daga inda kike, can ƙuryar shagon mutane ko ma an fita ta baya. Sannan ba tauraro ɗaya ne ke haka ba. Wani ya zo kai tsaye, wani ya bugi bango ɗaya, wani ya bugi biyu, kowa da tasa shaidar, wayar kuma dole ta fitar da wuri ɗaya. Da yake turakun duk a layi ɗaya suke, kuskuren mita goma sha a awon nisa yana iya ninkuwa sau uku ko huɗu kafin ya zama ɗigo a taswira. Mita 40 ko 50 a kasuwa layi biyu ke nan.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne rubutun da WhatsApp ke nunawa a ƙarƙashin `Send your current location`, inda yake cewa misali `Accurate to 20 meters`. Wannan lamba ba alkawari ba ce, ƙiyasin wayar ne game da kanta. A wayoyin Android ma'anarta ita ce wajen sau biyu cikin uku ainihin wurin yana cikin wannan da'ira, sau ɗaya kuma yana iya fita. Sannan ƙiyasin ya fi gaskiya a fili. Inda sigina ke bugun bango ta zo da ƙarfinta, wayar takan yarda da ita, ta rubuta miki mita 12 alhali ta kauce da 40. In lambar babba ce, ki yarda da ita, wurin bai yi ba. In ƙarama ce kuma kina cikin matsi, ki dubi taswirar da idonki kafin ki tura.

Na ɗaki kuwa labarinsa gajere ne amma ya fi nisan jifa. Kwano ƙarfe ne, siginar tauraro ba ta ratsa shi. Dekin da rodi a ciki yana cinye mafi yawanta, in akwai wani hawa a sama kuma shi ke nan. Ginin ƙasa mai kauri da rufin azara shi ma ba ya barin abin kirki. Ɗan abin da ke shigowa ta taga yake lallaɓowa, ya riga ya bugi katanga sau nawa. To a nan wayar ba ta cewa ta gaza. Sai ta koma wasu hanyoyi biyu ba tare da ta sanar da ke ba.

Ta farko ita ce Wi-Fi. Ba sai kin shiga ba, ba sai kin san lambar sirri ba. Wayar tana sauraren na'urorin Wi-Fi da ke kewaye, ta tambayi rumbun bayanan Google ko Apple inda aka saba jin su, ta ce to ni ma ina wajen. Inda suke da yawa hakan kan kawo ki kusa, mita 20 zuwa 50. In babu su, sai hanya ta biyu, ƙarfen sabis ɗin da layinki ke kamawa. Nan kuskure ya koma ɗaruruwan mita, a ƙauye ma kilomita da yawa. Ɗigon da kika gani a wajen Ƙofar Ƙaura ina kyautata zaton irin wannan ne, wayar ta ajiye ki ne a yankin ƙarfen da take magana da shi. Alamarsa a Google Maps ba ta ɓuya: shuɗin ɗigon yana zaune cikin wata ƙatuwar da'ira mai haske da ta haɗiye unguwa guda, kuma in kin zagaya cikin gida ba ya motsi, sai dai ya yi tsalle ɗaya zuwa wani wuri.

Akwai wani abin dariya da ya taɓa faruwa da mu. Wani abokin aiki ya zo da 'yar na'urar Wi-Fi ɗinsa daga Kano, ya kunna a ofis. Ranar duk wanda ya buɗe taswira a cikin ɗakin sai ya ga kansa a Kano, muna zaune a Katsina. Rumbun bayanan a can ya san na'urar, bai samu labarin ƙaurarta ba. Da ka fito tsakar gida minti ɗaya sai ka dawo gida. In kin taɓa ganin wayarki ta jefa ki wani gari kwata-kwata, ki tambaya ko wani ya tare da sabuwar na'ura a maƙwabta.

Game da sabis da kika tambaya: GPS kansa ba ya buƙatar data, ba ya ma buƙatar layi a waya. Amma data tana taimakon sa ta wata fuska. Kafin wayar ta yi lissafi sai ta san inda kowane tauraro yake a sama a wannan lokacin. Tauraron yana aiko da wannan bayani da kansa, amma a hankali ƙwarai, yana maimaita shi duk sakan 30, kuma in siginar ta yanke a tsakiya sai an jira zagaye na gaba. Sigina mai rauni ma ba a iya karanta bayanin daga cikinta. In akwai data, wayar tana sauke shi ta intanet cikin ƙiftawar ido, kuma ɗan kaɗan ne, ba ya cin kuɗi. Bayanin yakan yi aiki na 'yan awoyi ne sannan ya tsufa. Saboda haka wanda ke kashe `Location` kullum don tattalin caji, ya kunna shi sai lokacin turawa, ya danna nan take, kusan ko da yaushe ƙiyasin ƙarfen sabis yake turawa, taurarin ba su gama gaisawa da wayar ba. Hazo da gajimare da ruwan sama kuwa, da ake yawan ɗora wa laifi, ba su da wani tasirin a zo a gani a kan wannan sigina.

Ga yadda za ki tabbatar wa kanki ko wayar ce ko wurin ne, ba sai kin kai ta wajen mai gyara ba. In Android ce, ki sauke manhajar `GPSTest`, kyauta ce. Za ta jero miki taurarin da wayar ke ji, kowanne da tutar masu shi, don ba na Amurka kaɗai ba ne a sama: akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai, da BeiDou na Sin, kuma yawancin wayoyin yanzu suna haɗa su. Ki bar sauran lambobin, ki dubi layin `C/N0`, shi ne ƙarfin siginar kowane tauraro, da kuma harafin `U` da ke nuna wanda ake aiki da shi a lissafi. Ki je fili ki tsaya minti biyu. Waya mai lafiya za ta nuna taurari da yawa masu lamba 35 zuwa 40 da wani abu, masu `U` kuma sun haura goma. Ki dawo bakin shago ki sake dubawa, za ki ga lambobin sun zube zuwa ashirin da wani abu, suna hawa suna sauka, masu `U` sun ragu. Ki shiga ɗaki, za ki ga sun faɗi ƙasa da 20 ko sun ɓace. In haka kika gani, wayarki lafiyarta ƙalau. In kuwa a tsakiyar fili ma mafi ƙarfinsu bai kai 30 ba, to eriyar ciki ta samu matsala, abin da kan faru bayan waya ta faɗi ko an buɗe ta an canza gilashi ko murfin baya ba a mayar da komai daidai ba. Kafin ki yanke hukunci ki cire rigar wayar ki sake gwadawa, musamman in mai ƙarfe ce ko mai maganaɗisu.

Saitin da ya kamata ki duba kaɗan ne. A `Settings`, ƙarƙashin `Location`, ki tabbatar `Google Location Accuracy` da `Wi-Fi scanning` a kunne suke. Sannan ki shiga izinin WhatsApp ki ga ko `Use precise location` a kunne yake. Wannan na ƙarshen ya zo ne daga Android 12, kuma in a kashe yake, da gangan wayar ke ba manhajar wuri na jeka-na-yi-ka, ko da kina tsakiyar fili. A iPhone sunansa `Precise Location`. Ki kuma kashe `Battery Saver` lokacin da za ki ɗauki wuri. Juya waya a iska kamar ana rubuta 8 da ake koya wa mutane yana gyara kibiyar da ke nuna inda kika fuskanta ne kawai, ba ya matsar da ɗigon ko da taku ɗaya.

A gida maganin yana hannunki, don magabata sun gina mana shi tun kafin a san da tauraron ɗan'adam: tsakar gida. Ki fito tsakiyarta, nesa da katanga da tankin ruwa, ba ƙarƙashin darbejiya ba. Ki buɗe Google Maps, data a kunne, ki riƙe wayar a gabanki nesa da jiki kaɗan, kanta na kallon sama, kada tafin hannu ya rufe saman, don a nan eriyar ta fi zama, kuma jikin mutum shi ma yana tare sigina. Ki jira minti ɗaya ko biyu kina kallon da'irar tana tsukewa. Sai ta daina raguwa sannan ki koma WhatsApp. In fitar ba ta yiwu ba, bakin taga ya fi tsakiyar ɗaki, amma ki sani rabin sama kawai kike samu.

Na shago kuwa, shawarata ita ce ki daina tura `current location` daga can gaba ɗaya. Shagon ba ya tafiya ko'ina, me zai sa a riƙa auna shi sabo kullum a wurin da awo ba ya kyau? Taurarin suna sauya wuri a sama kowace sa'a, shi ya sa na safe ya kai mutum layin baya, na la'asar ya kai shi wani wajen. A auna sau ɗaya da kyau, a ajiye. Ki buɗe Google Maps, ki sauya taswirar zuwa `Satellite` don ki ga hoton rufin kasuwar daga sama. Ki nemo abin da ba ya ɓata, kamar ƙofar kasuwa, masallaci ko mahaɗar titi, ki bi layi da ido kina ƙirga rufi har ki zo naku. Ki danna yatsa a kan bakin ƙofar shagon ki riƙe har jar alama ta fito. Ki sa ta a kan hanyar da ke gaban shagon, ba tsakiyar rufin ginin ba, don in tana tsakiyar rufi taswirar na iya zaɓar wa ɗan acaba hanyar baya a matsayin mafi kusa. Daga nan ki danna `Share` ki tura wa kanki a WhatsApp, ki sa wa saƙon alamar tauraro ta WhatsApp don kada ya ɓace miki, duk mai buƙata ki tura masa shi. Wannan alamar ba ruwanta da rumfa ko bene. Hoton saman shi ma yakan kauce da 'yan mita, amma kaucewarsa a tsaye take, ba ta yawo.

In kina son ki gwada alamar, ga ɗan lissafin da muke yi. Lambobin wuri, wato waɗanda taswira ke nunawa in kin sa alama, guda biyu ne, a Katsina ta farko tana wajen 12.9 zuwa 13.0, ta biyu tana wajen 7.6. Lamba ta huɗu bayan ɗigo, kowane ɗaya nata kusan mita 11 ne a ƙasa, ta biyar kuma kusan mita 1. Misali alamarki ta ba da 12.98912, wayar kuma a bakin shago ta ba da 12.98957. Bambancin 45 ne a gida na biyar, wato kusan mita 50 ta arewa. Sai ki taka zuwa mahaɗar layi mafi kusa inda sama ta buɗe ta fuska huɗu, ki tsaya minti biyu, ki ga ko ɗigon ya zauna daidai kan mahaɗar a hoton. In ya zauna, hoton abin yarda ne a wannan yanki, alamarki ma haka.

Saura abu ɗaya da alamar ba za ta warware ba. Shi ma ɗan acaban waya ce a hannunsa, da ya shigo tsakanin benayen tasa za ta fara abin da taki ke yi. Wurin da zai je daidai ne, amma ɗigon da ke nuna shi kansa zai riƙa tsalle, taswirar ta ce masa ya iso alhali da saura, ko ta ce ya juya. Don haka ki haɗa alamar da kwatance irin namu na da: ta wace ƙofa zai shigo, layi na nawa, hannun dama ko hagu, shago na nawa, kalar ƙofa. Taswira ta kawo shi bakin layi, kwatance ya ƙarasa da shi.

In kuma dama kina da niyyar canza waya don wani dalili, akwai abin da ya cancanci dubawa. Tsofaffin wayoyi sigina ɗaya suke kamawa, ana ce mata L1. Tun 2018 aka fara fitar da masu kama ta biyu, L5, kuma a `GPSTest` za ki gan ta a layin `CF`, an rubuta `L5` ko `E5a`. Amfaninta shi ne, in sigina ta zo kai tsaye sannan amsa-kuwwarta ta biyo baya, L5 ta fi iya raba su nesa ba kusa ba: tsohuwar tana iya ruɗewa da amsa-kuwwar da ta yi zagayen har kusan mita 300, sabuwar kuwa sai wadda zagayenta bai wuce kusan mita 30 ba. A kan titi mai faɗi za ki ga bambanci sosai. Amma ki lura, zagayen da muka lissafa a layinku mita 14 ne, yana cikin talatin ɗin. Kuma a misalin namu siginar kai tsaye ba ta iso ba sam, amsa-kuwwar ce kaɗai, babu abin da za a raba ta da shi. A ƙarƙashin kwano kuwa L1 da L5 duk a waje suke kwana.

Tunda awo ne sana'ata, bari in ƙara wannan, don na ga ana yi. Kada ki bari kowa ya nuna miki iyakar fili da waya. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 faɗinsa mita 15 ne kawai. Kuskuren mita 5 da waya ke yi a ranar da ta fi kowace kyau ya cinye sulusin faɗin, ya shiga na maƙwabci. Na'urorin da muke kafa turaku da su suna aiki ne biyu-biyu, ɗaya a zaune kan wurin da aka riga aka san lambarsa tana aika wa ɗayar gyara, shi ya sa suke kawo kuskuren zuwa 'yan santimita. Su ma in fili ya matse tsakanin katangu, ajiye su muke yi mu ɗauko na'urar hangen nesa da tef.

Ki fara da gwajin fili, sannan alamar shagon. In kin ga lambobin `C/N0` ba su kai yadda na faɗa ba a fili, ki rubuto mini su tare da sunan wayar in duba. Allah ya ba da kasuwa.